Ranar da Na Sa Santin Malam a Talla

Yayata ce ke daka yajin agashe, gasasshen naman nan mai kama da tsire, ni kuma nake sayar mata da shi ta waya. Haka muka raba aikin tun farko, kuma rabon ya yi daidai, don ita ba ta da haƙurin danne-dannen waya, ni kuwa in na riƙe taɓarya na ɗan lokaci sai kafaɗata ta kwana uku tana ciwo.

Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Ba ta koma gidanmu ba, ta ci gaba da zama a sashenta, katanga ɗaya tsakaninta da surukinta, a ƙauyenmu da ke bakin kogi kusa da Abu Na'ama. Yajin a wurin mahaifiyarmu ta gaje shi: ƙuli da aka matse mansa sarai, da citta, da masoro, da kanumfari, da barkono, da wani abu guda da har yau ta ƙi gaya min, wai bakina ba ya riƙe magana. Da farko maƙwabta kawai take yi wa. Daga baya direbobin bas suka fara ɗaukar roba biyu, roba uku, suna kai wa mutane a garuruwan Sinja da Damazin.

Ni a lokacin ina aiki a wani shago a Sinja inda ake buga katin biki da allunan shaguna. A wurin mai shagon na koyi yadda ake biyan kuɗi a saka talla ta riƙa bayyana a wayoyin mutane, da yadda ake haɗa shafin da tallar ke kai mutum idan ya taɓa ta. Shafi ne guda ɗaya tal. Hoton kaya a sama, sai farashi, sai yadda ake aikawa, sai maɓalli ɗaya da mutum zai danna ya turo saƙo. Mai shagon ya sha gaya min cewa kusa da maɓallin nan ake sa shaidar waɗanda suka taɓa saye, domin a nan ne yatsan mutum ke tsayawa yana shakka. Mai kaya kowa ya san zai yabi kayansa. Abin da baƙo ke son ji shi ne maganar wani baƙo irinsa.

Na haɗa wa Yaya shafinta da Larabci, tunda shi masu sayen ke karantawa, har da 'ya'yanmu, mu Hausawa. Sai na bi masu sayen yajin ɗaya bayan ɗaya na ce su faɗi wani abu a kansa. Abin da na tara a mako guda ya isa a buɗe taron addu'a. Allah ya yi mata albarka. Allah ya raya marayu. Allah ya jiƙan mijinta, mutumin kirki ne. Wata tsohuwa ta turo saƙon murya mai tsawo, ta gaishe da kowa a gidanmu har da awaki, ba ta ambaci yaji ko sau ɗaya ba. Na ji daɗin addu'o'in, na kuma jera su a shafi, amma mutumin Damazin da bai san Yaya ba, bai san mijinta ba, ba su gaya masa komai ba. Mutane suna shiga shafin suna fita, maɓallin yana zaune.

Sai na canza tambaya. Na daina cewa a faɗi wani abu, na koma tambayar abu uku: da wane yaji kike amfani a da, me kika dafa da wannan, kuma me za ki gaya wa wadda ke shakkar saye? Nan magana ta fara fitowa. Wata malamar asibiti a Sinja ta ce na kasuwa rabinsa gari ne, yana ƙonewa kafin nama ya nuna, wannan kuwa yana kama nama ya zauna. Wani direba ya ce a kifi yake sa shi. Wata uwar gida ta ce yana da daɗi amma ya fi ƙarfin yara, sai ta cuɗa shi da dakakkiyar gyaɗa. Yaya ta so in cire rabin maganar nan na biyu.

"Don mi za ka aza aibina a gaban mutane?" in ji ta.

Na ce mata in na yanke, maganar ta zama tawa, ba ta matar ba. Ta yi tsaki ta ce in yi yadda na ga dama. Na bar ta yadda take, kuma ita ce shaidar da masu turo saƙo suka fi ambata. Har wasu suka fara tambaya ko akwai marar zafi na yara, Yaya ta fara daka kala biyu. Akwai kuma wani mai agashe a bakin tasha da ke sayen roba babba duk mako, wanda da ya yarda da ya fi kowa amfani a shafin. Ya ce ko kusa, ba ya son abokan sana'arsa su san inda yake samo yaji. Na ƙyale shi, ina jin kaina mutum mai bin ƙa'ida. Na faɗi wannan ne don a san cewa abin da na yi daga baya ba rashin sani ba ne.

Surukin Yaya, wanda duk garin ke kira Malam, shi ne shugaban makarantar firamarenmu na shekaru masu yawa kafin ya yi ritaya. Rabin mazan garin sun sha bulalarsa, har da ni. Dogo ne, ba ya dariya a gaban mutane, rawaninsa kullum a naɗe tsaf. Tun da matarsa ta rasu, sannan ɗansa ya bi ta, Yaya ce ke aika masa da abincin rana. Ba sa haɗa ido, ba ta taɓa zama inda yake zaune ba, ba ta kiran sunansa. Kwanon nan da ke tsallaka katanga kullum shi ne hirarsu. In ya dawo wayam, ta san lafiya lau ake. In ya rage, sai ta aika a tambayi jikinsa.

Bayan babbar sallah da kwana biyu aka yi walimar saukar karatun babbar 'yar Yaya. Aka gasa agashe da yajinta a ƙofar gida, maza muka zauna a tabarmi, tire a tsakiya, ga albasa ga lemun tsami. Ina ɗaukar bidiyo da wayata don in tura wa danginmu na Madani da ba su samu zuwa ba. Ina zagayawa da wayar har na iso kan Malam. Ya sa yanka na uku ko na huɗu a baki, ya lumshe ido, rawanin ya ɗan karkace bai sani ba, sai muka ji ya ce, a hankali, kamar mai magana da kansa:

"Wanga yaji, ko markubu anka barbaɗa mai, sai in canye shi."

Markubu takalmin fata ne da dattawanmu ke sawa. Sai taubashinsa, wani tsohon masunci da suka taso tare, ya nuna shi da yatsa ya ce, "Santi, Malam. Wallahi santi." Aka bushe da dariya. A wurinmu duk wanda daɗin abinci ya kwance masa baki ya saki magana, to ya shiga hannu, sai an tsokane shi. Amma abu ne na tabarma. Ana yinsa a tsakanin waɗanda suka sa hannu a tire ɗaya, a wanke hannu a tashi, ya wuce. Malam ya gyara rawaninsa, gefen bakinsa ya ɗan motsa, ya ci gaba da cin namansa.

Da na koma Sinja na kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin. Duk abin da mai shagonmu ke cewa ana nema a shaida yana ciki. Gajere ne, fuskar mutum ce ta gaske, ba a shirya ba, kuma ko wanda ba ya jin Hausa zai gane daga lumshe idon. Na yanka shi, na rubuta fassarar Larabci a ƙasa, na nuna wa mai shagon. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya tambaye ni ko dattijon ya yarda. Na ce zan tambaya.

Na kuwa tambaya, kuma da wannan na riƙa kare kaina daga baya. Ranar Juma'a na zo gida, bayan an sauko daga masallaci na same shi a inuwar da dattawa ke zama a bakin kasuwa, mutum shida ko bakwai a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, hoton nan na walima, ina son in sa shi a waya don mutane su ga yajin Yaya, in ka yarda."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ba komai."

Na tashi da murnata. Ban ce masa za a biya kuɗi a tura shi wayoyin mutanen da bai taɓa gani ba. Ban ce masa wane yanki na bidiyon ba ne. Ban nuna masa ba. Kuma na san sarai, don a garin aka haife ni, cewa dattijo irinsa ba zai buɗe baki a gaban mutane ya ce wa ƙanin surukarsa a'a a kan abin da zai taimaki marayun ɗansa ba. Ko gonarsa na roƙa a wannan zaman, amsar da zan samu ke nan. Na zaɓi wurin da lokacin ne domin na san ba zai iya ƙi ba, ko da yake a ranar ban yarda na faɗa wa kaina haka ba.

Na sa bidiyon a saman shafi, na kuma yi talla da shi. A ƙasa na rubuta, "Wani dattijo daga yankin Abu Na'ama." Ban rubuta cewa surukin mai yajin ba ne, ban rubuta cewa a walimar jikarsa yake ci kyauta ba. Duk wanda ya gani zai ɗauka wani mai saye ne can da ba ruwansa da mu. Wajen zaɓen garuruwan da tallar za ta bayyana na ja da'ira mai faɗi daga Sinja har Damazin, ban tsaya na lura cewa garinmu na tsakiyarta ba.

Kwana biyu wayata ba ta huta ba. Yaya ta kira mata biyu su taya ta daka. Ina ta yi mata burga, ina cewa ai dama sana'a sai da ilimi. Ita ba ta ga tallar ba, don wayarta ƙarama ce, ta kira da amsawa.

A rana ta uku taubashin Malam ya kira ni. Ba ya dariya. Ya ce jiya a kasuwa wani mai shago, cikin tsofaffin ɗaliban Malam, ya cire takalminsa ya miƙa masa ya ce ko a kawo yaji. Mutane suka yi dariya. Da la'asar wasu samari a kan babur suka wuce shi suna maimaita maganar da muryarsa. Waɗanda suka sha bulala shekara talatin da suka wuce sun samu abin ramawa, suna ta tura wa juna. Malam ya tashi daga inuwar ya tafi gida, yau kuma bai fito ba.

Ina ajiye waya Yaya ta kira. Ta ce, "Kwano ya komo yadda na aika shi. Jiya haka, yau haka. Mi ka yi?"

Na gaya mata. Ta ce, "Ni da ban taɓa bari ya ji muryata da ƙarfi ba, kai ka ɗauki bakinshi ka kai kasuwa da sunana." Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Kunya ta rufe ni a shagon nan, ga haushin kaina, ga kuma wani ɓangare na zuciyata da ke cewa ai ya ce ba komai.

A take na tsayar da tallar, na cire bidiyon daga shafin. Wannan minti ɗaya ne. Amma abin da mutane suka riga suka sauke a wayoyinsu ba ni da iko da shi. Na bi waɗanda na sani ina roƙo su goge. Wasu suka goge, wasu suka ce sun goge.

Na hau bas na koma gida, na tafi kai tsaye zauren Malam, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya saurare ni har na gama, yana kallon bango. Ya ce, "Ba komai." Washegari kwano ya sake dawowa a cike.

Yaya ta same ni a tsakar gida ina zaune na yi tagumi. Ta ce, "Kai dai karatunka na waya ne. Ka tambaye shi a fuska ya ce ba komai, ka ba shi haƙuri a fuska ya ce ba komai. Mi kake jira ya ce maka? Tahi wurin wanda za shi iya gaya ma gaskiya."

Haka ake yi a garinmu tun kafin a haife ni, ni ne na tsallake. Neman aure, rabon gona, saɓani tsakanin surukai, ba a tunkarar babba kai tsaye. Ana aika wanda ke tsakaninsu da wasa ko abota, domin a'a ta samu hanyar da za ta bi ta dawo ba tare da kowa ya ji kunya ba. Na sami taubashin a bakin kogi yana gyaran taru. Ya fara da wanke ni tas, ya ce shi da ya fara kiran santin a kan tabarma ya kira shi, bai kai shi Damazin ba. Sannan ya ce in gaya masa komai yadda zai iya maimaitawa. Na bayyana masa mene ne talla, su wa ke ganinta, kwana nawa ta yi, me na cire, me ya fi ƙarfina. Na ce ya gaya wa Malam cewa ba zan ƙara sa komai nasa ba sai da yardarsa, kuma in yana da abin da yake so a yi, a yi.

Kwana biyu ina jira. Na taya Yaya ɗaure robobi, ba ta yi min magana sai ta aiki. A rana ta uku taubashin ya zo, ya zauna, ya sha shayi kofi biyu don ya ja min rai, sannan ya ce:

"Ya ce a'a. Hotonshi a'a, sunanshi a'a, maganarshi ko a rubuce a'a. Kuma ya ce gobe da hantsi ka taho da wayar taka, shina son ya ga safhar da idonshi."

Safha ita ce shafin, haka muke ce mata a gida. Na yi mamakin yadda a'ar nan ta yi min daɗi. Ita ce magana ta farko da ya aiko min wadda na tabbata tasa ce.

Na je da hantsi. Ya sa tabarau, ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya ce in nuna masa yadda ake ja. Ya karanta shafin daga sama har ƙasa, a hankali, yadda yake duba littattafanmu a aji huɗu. Da ya iso kan shaidun sai ya ɗora yatsa a kan ta farko, ta malamar asibiti.

"Wagga ta san tana nan?"

Na ce ta sani. Na tura mata hoton shafin kafin in sa, ta ce in rubuta aikinta da garinta, kada in sa suna ko hoto, haka kuma na yi.

"Wanga fa?"

Direban ne. Na ce ya sani, da Hausa ya yi maganar, na fassara, na karanta masa fassarar ya ce haka yake nufi.

"Shi ba shi ne ke ɗaukar mata kaya ba? Saye yake ko ba shi take?"

Na ce wani lokaci tana ba shi roba kyauta.

"To ka rubuta. Wanda za shi karanta shina da hakkin ya sani."

Na ce to. Ya sauko kan ta uku, wata mata a Damazin da ta ce tun da ta fara sa yajin nan mijinta ya daina cin nama a waje. Ina alfahari da wannan shaidar, tana kusa da maɓalli, da sunan unguwarsu da sana'ar mijin.

"Wagga?"

Wannan kam ba ta sani ba. Saƙo ne ta turo wa lambar da ake oda, tana godiya, tana wasa. Na kwafe shi na sa. Ban taɓa tambayarta ba. Na ce a raina ai yabo ne, wa zai ƙi a ji ya yi yabo? A unguwar da na ambata, duk wanda ya san mijin zai gane su.

Malam ya cire tabarau ya dube ni, karo na farko tun ranar walima. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni ina da taubashi da za shi taho ya gaya maka. Ita wa gare ta?"

A gabansa na cire shaidar. A gabansa kuma na rubuta wa matar saƙo, na gaya mata abin da na yi, da tsawon lokacin da maganarta ta yi a shafin, na ba ta haƙuri, na tambaye ta ko tana so a mayar ko a bari. Ya sa na karanta masa saƙon, ya ce in cire wurin da na ce hakan zai taimaki marayu, domin wannan matsi ne, ba tambaya ba. Na cire. Daga baya matar ta amsa ta ce kada a mayar da maganar mijinta, amma ta aiko wata a kan yadda take ajiye yajin wata biyu bai canza ƙamshi ba, ta ce wannan a sa. Tana nan a shafin har yanzu.

Tun daga lokacin ba na sa maganar kowa sai na tura masa hoton yadda za ta fito, na gaya masa inda za a gani, na kuma ce masa duk ranar da ya so a cire, a cire. In dattijo ne ko wanda ke jin nauyinmu, ba ni ke tambaya ba, aikawa nake yi. Da yawa a'a ke dawowa. Shafin ba shi da abin dariya yanzu, odar ma ba ta taɓa komawa irin ta kwana biyun nan ba, amma tana zuwa a kai a kai, ta ishi Yaya da yaranta, kuma masu saye suna dawowa. Maganar markubu ta ɗauki wata biyu ko uku kafin ta mutu a kasuwa. Malam ya koma inuwarsa tun kafin ta mutu, ya zauna ya daure.

Amma a ranar da ya duba shafin, muna cikin zaurensa, azahar ta kusa, sai aka turo kwano daga sashen Yaya aka ajiye a bakin ƙofa kamar kullum. Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa, da 'yan yankan nama a gefe da ta gasa da yajin. Na yunƙura zan tashi in ba shi wuri. Ya ce in kashe wayar in sa a aljihu. Na kashe, na sa. Ya ce in ɗauko buta.

Muka wanke hannu muka ci. Naman ya yi daɗi ƙwarai, Yaya ta zuba duk iyawarta a ciki, na kuma ga yadda yake taunawa a hankali. Ina satar kallonsa, ina jira ko zai lumshe ido, ko wata magana za ta kuɓuce masa. Ya ci a natse, idonsa a buɗe, rawaninsa daidai, har muka ga ƙasan kwanon. Na ci abinci da shi sau da yawa bayan wannan, a walima da a gida, ban ƙara jin ya yi magana a kan tire ba, kuma na san ni na jawo.

Na ɗauki kwanon da kaina na zagaya na kai wa Yaya. Tana tsaye a bakin madafa, hannunta duk ƙuli. Ta karɓa ta buɗe murfin ta duba ciki, ta daɗe tana dubawa.

"Mi ya ce?"

Na ce bai ce komai ba.

Ta sa gefen mayafi ta goge idonta, ta ce in matsa mata daga hanya, tana da daka.